Turke Ɗaya Ya Ci Gwaji, Rukuni Ya Nutse

A shekarar 2016 ne labari ya fito fili cewa Millennium Tower, wani bene mai hawa 58 da ke tsakiyar birnin San Francisco na Amurka, yana nutsewa cikin ƙasa. Shekara bakwai kacal ke nan da buɗe shi, amma ya riga ya yi ƙasa da kusan santimita 40, ya kuma ɗan karkata wajen arewa maso yamma. Masu zanensa sun san zai zauna, don babu gini mai nauyi irin wannan da ba ya zaunawa. Sai dai abin da suka ƙiyasta bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba a tsawon rayuwar ginin baki ɗaya. Wasu mazauna benen, waɗanda suka sayi gidajensu da miliyoyin daloli, har bidiyo suka ɗauka suna ajiye ɗan ƙwallon gilashi a tsakar ɗaki yana gangarawa shi kaɗai.

Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, ba a kan ƙasa kawai aka ɗora benen ba. A ƙarƙashinsa akwai turakun kankare kusan 950, kowanne an buga shi zurfin mita ashirin da 'yan kai har ya shiga yashi mai tauri, sannan aka zuba musu faifan kankare mai kaurin mita uku a kai ya haɗe su wuri ɗaya. Babu wanda ya ce turakun sun karye. Babu wanda ya ce sun zame daga yashin da suka kama. Kowane turke yana nan yana aikinsa, kuma duk da haka ginin yana yin ƙasa, tare da turakun, tare da yashin da ke riƙe da su.

Kafin a gane yadda haka ke faruwa, sai an san yadda turke ɗaya ke ɗaukar kaya. Turke a wurin magina doguwar sanda ce ta kankare, ko ƙarfe, ko itace, da ake bugawa cikin ƙasa, ko a haƙa rami a zuba ta, idan ƙasar saman ba ta da ƙarfin ɗaukar gini. Shi ke riƙe da gadar Third Mainland a Legas, shi ne kuma ke ƙarƙashin dogayen benaye a garuruwan fadama irin Fatakwal. A ƙasar Hausa, inda galibi ƙasa ke da tauri tun daga sama, an fi ganinsa a aikin gadoji. Ta hanya biyu yake riƙe nauyi. Ta farko ita ce kamun da ƙasa ke yi wa jikinsa daga sama har ƙasa, irin kamun da ke sa cire turken akuya daga laka ya yi wuya. Ta biyu ita ce tokarar da gindinsa ke yi a kan abin da ke ƙarƙashinsa. Turken da ya kai dutse, gindinsa ne ke yawancin aikin. Wanda ya tsaya cikin yumɓu kuwa, kusan duka ƙarfinsa a jikinsa yake.

Ana gwada turke ɗaya cikin sauƙi. A buga shi, a jibga masa tubalan kankare ko a danna shi da jak, a riƙa ƙara nauyi ana auna yadda yake yin ƙasa. Cikin kwana ɗaya ko biyu an sami amsa: ya ɗauki tan kaza, ya zauna milimita kaza. Daga nan ne lissafin kasuwa ke shigowa. Idan turke ɗaya ya ɗauki tan ɗari, ai ashirin da biyar za su ɗauki tan 2,500, kuma tunda kowanne kayansa daidai yake da na wanda aka gwada, za su zauna daidai da yadda ya zauna. Duka maganganun biyu na iya zama kuskure, kuma kowacce da dalilinta daban.

A fara da ta farko, wato ƙarfi. Injiniyoyi suna auna abin da suke kira ingancin rukuni: a ɗauki nauyin da zai kayar da rukunin gaba ɗaya, a raba shi da jimillar abin da turakun za su ɗauka da kowanne shi kaɗai yake a fili. Idan amsar ta zo ɗaya, ba riba ba asara. Idan ta gaza ɗaya, to an biya kuɗin turakun da ba a ci moriyarsu duka ba. Asarar tana zuwa ne daga cewa turke ba shi da ƙarfin kansa a wannan fage, ƙasar da ke kewaye da shi yake jingina da ita. Turke biyu da ke kusa da juna ƙasa ɗaya suke rabawa.

An daɗe ana neman gajeriyar hanyar lissafa wannan asara. A shekarar 1943 wani injiniya mai suna Jacob Feld ya kawo ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kowane turke a rage masa kashi ɗaya cikin goma sha shida saboda kowane maƙwabci da ke dab da shi, har da na kusurwa. A rukuni mai turaku tara, uku-uku a jere, na lungu huɗun kowanne yana da maƙwabta uku, na gefe huɗun kowanne biyar, na tsakiya kuma takwas. Jimilla arba'in ke nan, a raba da goma sha shida ya ba da biyu da rabi. Wato turaku tara aikin shida da rabi suke yi, kusan kashi 72 cikin ɗari. Akwai wata ƙa'idar da ake kira Converse-Labarre wadda ta fi wannan kwalliya, don tana duba tazara da kaurin turke, kuma har yau tana cikin littattafan makaranta. Amma duka biyun suna da rami ɗaya: ba su tambayi wace irin ƙasa ba ce, ba su kuma tambayi tsawon turakun ba. Amsa ɗaya za su ba mai gini a yumɓun Fatakwal da mai gini a rairayin bakin kogi. Lissafin da bai taɓa ƙasa ba, a sha'anin da duka nasa ƙasa ce, ba abin dogaro ba ne, ko da ya dace da gaskiya wani lokaci.

Hanyar da ta fi kama hankali ita ce wadda Karl Terzaghi da Ralph Peck suka bayyana a littafinsu na shekarar 1948. A ɗauki malmalar tuwo a soka mata tsinke ɗaya a danna, tsinken zai shige, tuwon ya tsaya inda yake. A soka tsinke ashirin dab da dab a danna su tare, ba za su shige ɗaya-ɗaya ba. Tuwon da ke tsakaninsu zai manne musu, ya yanke daga sauran malmalar, ya bi su ƙasa kamar loma guda. Haka yumɓu ke yi. Idan turaku suka matsu, su da ƙasar da ke tsakaninsu sai su zama dunƙule ɗaya, kamar wani ƙaton ginshiƙi, kuma wannan dunƙulen ne ke tsagewa ya nutse. Daga wannan lokaci jikin turakun da ke ciki ya daina amfani. Abin da ya rage yana riƙo shi ne bangon dunƙulen na waje da faɗin gindinsa.

Saboda haka lissafi biyu ake yi, a ɗauki ƙaramin. Ga misali da za a iya bi da biro da takarda.

A ce turaku 25 ne, biyar-biyar a jere, kowanne kaurinsa rabin mita, tsawonsa mita 20. Ƙasar yumɓu ce mai matsakaicin tauri, irin wanda sai an danna da ƙarfi yatsa ke lotsa shi, kuma gwaji ya nuna yana tsagewa idan an ja shi da tan biyar a kan kowane murabba'in mita. Yumɓu ba ya kama kankare kamar yadda yake kama ɗan'uwansa yumɓu, don haka a jikin turke a ce tan huɗu ne maimakon biyar. Faɗin jikin turke ɗaya, wato kewayensa sau tsawonsa, ya kai murabba'in mita 31 da 'yan kai, wanda zai ba da kusan tan 126. Gindinsa ɗan ƙarami ne, bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in mita ba. Yumɓun da ke can ƙasa a danne yana ɗaukar ninki tara na ƙarfin tsagewarsa kafin ya ba da hanya, don haka gindin ya ƙara tan tara. Turke ɗaya tan 135 ke nan, guda 25 kuma tan 3,375.

Yanzu a matse su, mita ɗaya daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, wato ninki biyu na kaurinsu. Dunƙulen zai zama mita huɗu da rabi kowane gefe. Kewayensa mita 18, sau tsawon mita 20, murabba'in mita 360. A nan yumɓu ne ke tsagewa daga yumɓu, don haka cikakken tan biyar za a ɗauka, ya ba da tan 1,800. Gindin dunƙulen murabba'in mita 20 ne da ɗan ɗoriya, ya ƙara kusan tan 910. Jimilla tan 2,710. An biya kuɗin tan 3,375, an sami 2,710, kashi 80 cikin ɗari. Turaku biyar cikin ashirin da biyar kamar an binne kuɗinsu ne kawai.

A buɗa tazarar zuwa mita ɗaya da rabi. Dunƙulen ya zama mita shida da rabi kowane gefe, bangonsa ya ba da tan 2,600, gindinsa kusan 1,900, jimilla tan 4,500. Wannan ya zarce 3,375, ma'ana kafin dunƙulen ya tsage turakun za su riga su zame ɗaya-ɗaya, don haka 3,375 ne abin riƙewa. Rabin mita kawai aka ƙara tsakanin turke da turke, labarin ya sauya. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idojin gini na ƙasashe da yawa ke neman tazarar da ta kai kamar ninki uku na kaurin turke ga turakun da suka dogara da kamun jiki.

Misalin yana kuma tona wani kuskure da mai kuɗi ke saurin yi, wato ganin cewa ƙarin turaku ƙarin tsaro ne. Idan faɗin harsashin bai ƙaru ba, dunƙulen bai ƙaru ba. A cusa turaku hamsin cikin filin nan mai mita huɗu da rabi, ƙarfin rukunin yana nan a tan 2,710.

Ba a takarda kawai maganar ta tsaya ba. A shekarar 1957 Thomas Whitaker, a cibiyar binciken gine-gine ta Ingila, ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da ƙananan turaku cikin yumɓu, rukuni-rukuni, daga masu uku-uku a jere har zuwa masu tara-tara. Ya ga dunƙulen da idonsa: a matsattsiyar tazara ƙasar tsakani tana bin turakun ƙasa, a buɗaɗɗiya kuma kowanne yana shigewa shi kaɗai. Ya kuma lura cewa rukuni mai yawa da turaku masu tsawo sun fi saurin zama dunƙule. Akwai wani abu da gwajin ya nuna wanda lissafin sama ya ɓoye. Ingancin ba ya tsalle zuwa ɗaya da zarar an wuce iyakar dunƙule. Hawa yake yi sannu a hankali daga wajen kashi 70 cikin ɗari, kuma sai tazara ta yi nisa sosai yake cika.

Yashi kuwa halinsa daban. Idan ana buga turke cikin yashi mai sako-sako, girgizar tana sa ƙwayoyinsa su shige cikin juna, kamar yadda mai awo ke bubbuga mudu gero ya zauna. Kowane turke da aka buga yana taurara wa maƙwabcinsa ƙasa, har ingancin rukuni ya wuce ɗaya. Aleksandar Vesić ya nuna haka a gwaje-gwajensa da aka buga a 1969. Masu aikin sun san abin a aikace, shi ya sa suke fara bugu daga tsakiya su fito waje, don wanda ya fara da gefe zai tarar tsakiyar ta yi tauri turke ya ƙi shiga. Duk da haka mai zane ba ya lissafa wannan garaɓasa, a ɗaya yake tsayawa. Idan kuma haƙa rami aka yi aka zuba kankare, abin juyawa yake, don haƙa sassauta yashi take yi, kuma ingancin na iya sauka ƙasa da ɗaya.

Sai dai duk wannan maganar kayarwa ce, kuma ba ita ce ta sami benen San Francisco ba. Rukunin turaku ya tsage ya nutse kamar loma abu ne da ba kasafai ake gani ba a ginin da aka zana da kula, don ana barin rata mai yawa tsakanin nauyin da zai ɗauka da wanda zai kayar da shi. Abin da ya fi cin gine-gine shi ne na biyun, zaunawa. A nan babu garaɓasa ko a yashi. Rukuni kullum ya fi turke ɗaya zaunawa, ko da kayan kowane turke bai ƙaru da kilo ɗaya ba.

Dalili na farko kowa ya taɓa jinsa a jikinsa. Mutum ya zauna a kan katifar soso, ta lotsa a ƙarƙashinsa, ta kuma ɗan lotsa kewaye da shi. Wani ya zo ya zauna dab da shi, sai na farkon ya ji ya ƙara yin ƙasa, alhali nauyinsa bai ƙaru ba. Turke ma idan ya zauna yana jan ƙasar da ke kewaye da shi, ita kuma ta ja maƙwabcinsa. Kowane turke a rukuni yana zaunawa da nasa, ya ƙara da ɗan rabo daga kowane ɗan'uwansa. Harry Poulos na Jami'ar Sydney ne ya tsara yadda ake lissafa wannan jan juna a ƙarshen shekarun 1960. Daga irin wannan lissafi aka sami ƙiyasin da injiniyoyi ke yi da ka kafin su zauna gaban kwamfuta: a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan turakun, ita ce kusan ninkin zaunawar. Turaku 25 ninki biyar, turaku ɗari ninki goma. Idan turken gwaji ya zauna milimita biyar, rukunin misalin nan zai doshi milimita 25. Ƙiyasi ne, yana motsawa gwargwadon tazara da irin ƙasa, amma ya isa ya hana mutum mamaki.

Jan junan nan yana da wani sakamako da ke saɓa wa tunani. Turken tsakiya shi ya fi yawan maƙwabta, don haka shi ya fi son yin ƙasa. Idan faifan da ke kansu mai lanƙwasuwa ne, tsakiyar ginin za ta fi gefe zaunawa, ya yi kwari kamar akushi, kuma tsagar bango ta biyo baya. Idan faifan mai kauri ne da ba ya lanƙwasa, dole kowa ya sauka daidai, sai nauyin ya gudu daga tsakiya ya koma gefe. Turakun lungu su ne ke shan kaya, na tsakiya na hutawa. Wanda ya raba nauyin gini daidai-wa-daida tsakanin turakunsa ya rage wa na lungu haƙƙinsu na ƙarfe da kankare.

Dalili na biyu ya fi na farko haɗari, domin gwajin turke ɗaya ba ya ko hango shi. Nauyin da aka ɗora wa ƙasa yana bazuwa yayin da yake sauka, yana raguwa, har ya zama ba a jin sa. Zurfin da yake kaiwa kafin ya ɓace ya danganta ne da faɗin abin da ya danna, kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin. Gindin turke mai kaurin rabin mita, ƙasar da ke 'yan mitoci kaɗan ƙarƙashinsa ce kawai ta san da zamansa. Rukuni kuwa ƙasa ba ta ganinsa a matsayin sanduna, faifai ɗaya take gani mai faɗin rukunin gaba ɗaya.

Terzaghi da Peck sun ba da dabarar lissafa wannan ma. Ga turakun da ke riƙo da jiki, a ɗauka duk nauyin yana zaune a kan wani faifai na tunani da ke kashi biyu cikin uku na tsawonsu. A misalin nan, a ce kowane turke yana ɗauke da tan 50 a aikin yau da kullum, jimilla tan 1,250, faifan kuma yana zurfin mita 13 da 'yan kai, faɗinsa mita shida da rabi. Kowane murabba'in mita yana jin kusan tan 30. A ƙara sauka mita shida da rabi, wato daidai gindin turakun, nauyin ya bazu a kan faɗi ninki biyu, ya ragu zuwa tan bakwai da rabi. A ƙara wasu mita shida da rabi, har yanzu akwai fiye da tan uku. Ƙasar da ke mita shida ƙarƙashin gindin turakun tana ɗauke da kaya, alhali turken gwaji bai taɓa gaisawa da ita ba. Wannan ƙaramin rukuni ne. Ginin da harsashinsa ya kai faɗin mita 30, nauyinsa na iya kaiwa mita 50 ko 60 ƙasa da faifan.

To me ke can ƙasa? A San Francisco amsar ita ce tsohon yumɓun teku. Turakun benen sun ratsa shara da laka ta sama, suka kafu a cikin yashin da ake kira Colma. Yashin yana da tauri, kuma ga turke ɗaya ya isa. Amma a ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar yumɓu mai kauri sosai, dutse kuma sai an wuce mita 60. Yashin ya zama kamar katako da aka ɗora a kan katifa. A danna shi da yatsa, ba ya motsi. A hau kansa gaba ɗaya, katakon bai karye ba, amma katifar ta lotsa.

Lotsawar yumɓu kuma ba ta gaggawa. Yumɓun da ke ƙarƙashin ruwa cike yake da ruwa a 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, kuma ba zai matsu ba sai ruwan ya fita. Mai yin awara ta san wannan: ta ɗaure ta a buhu, ta ɗora dutse, ta tafi wani aikin, ruwan na tsiyaya a hankali. Bambancin shi ne awara sa'o'i take ɗauka, yumɓu mai kaurin mitoci da yawa shekaru. Idan kaurinsa ya ninka biyu, lokacin ninkawa huɗu yake yi, don ruwan tsakiya tafiyarsa ta yi nisa. Gwajin kwana biyu ba shi da abin cewa a kan wannan. Akwai kuma wani hali na tsohon yumɓu: yana riƙe da tarihin nauyi mafi girma da ya taɓa ɗauka. Muddin ba a wuce wannan ba, kaɗan yake matsuwa. Da an ƙetare shi, sai ya riƙa ba da kai ninki-ninki. Benen na kankare ne, ya fi irinsa na ƙarfe nauyi nesa ba kusa ba, kuma injiniyoyin da suka bincika daga baya sun nuna cewa a wasu sassan yumɓun an ƙetare wannan iyaka.

Sai ga maƙwabta. A gefen benen an yi gagarumar haƙa don gina tashar Transbay, aka kuma yi ta zuƙe ruwan ƙasa a unguwar saboda ayyukan gini. Ruwan ƙasa yana tallafe wani ɓangare na nauyin ƙasar da ke cikinsa, kamar yadda guga ba ya nauyi sai ya fito daga ruwan rijiya. Idan aka sauke shi, wannan nauyin a kan yumɓu yake komawa. Masu benen sun ɗora laifi a kan zuƙe ruwan, masu tashar suka ce ginin ya fara nutsewa fiye da ƙima tun kafin su sa hannu, kuma laifin na wanda bai kai turakunsa dutse ba ne. Shari'o'i suka yi ta tafiya har aka sasanta. Ga mai neman fahimta, maganganun biyu ba sa karo da juna: kaya biyu ne suka haɗu a kan yumɓu ɗaya.

Ba kuma sabon darasi ba ne. Asibitin Charity na New Orleans, mai hawa ashirin, an ɗora shi a kan turakun itace kusan dubu goma da suka kafu a siririn yashi, yumɓu mai laushi na kwance a ƙarƙashi. Tun ana cikin gini ya fara nutsewa, har aka gayyaci Terzaghi a 1939 ya duba. Shekara saba'in ke tsakanin gine-ginen biyu.

Yadda ake kauce wa wannan ba asiri ba ne, kuɗi ne da haƙuri. Ramin binciken ƙasa dole ya wuce gindin turakun da aƙalla ninki ɗaya da rabi na faɗin rukunin, ba na kaurin turke ba. Ramin da ya tsaya da zarar ya taɓa ƙasa mai tauri shi ne ainihin tarkon, don bai faɗi kaurin taurin ba, bai kuma faɗi abin da ke ƙarƙashinsa ba. Idan aka sami yumɓu a ƙasa, a ciro shi ba tare da an dagula shi ba, a matsa shi a ɗakin gwaji a ga iyakar da yake tunawa. Kuma idan lissafi ya nuna zaunawar ta yi yawa, maganin ya fi zama tsawaita turakun ko rage nauyin ginin, ba ƙara yawansu ba. Turaku kaɗan dogaye sun fi gajeru masu yawa a wannan fage.

Bayan an gama gini, alamun suna bayyana ga mai lura: ƙofa ta fara cijewa, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga, bututun ruwa ya karye daidai inda ya shiga ginin, daɓen waje ya rabu da bango. Injiniya kuma yana kafa alamu a jikin ginin ya riƙa auna su wata-wata, yana zana layin zaunawar. Layin da ke kwantawa sannu a hankali yumɓu ne ke tsanewa, zai kai inda zai tsaya. Wanda ke ƙara gangara shi ne ke hana barci. A San Francisco har daga sama aka auna: a ƙarshen 2016 hukumar sararin samaniya ta Turai ta nuna da taurarinta na Sentinel-1 cewa benen na sauka da 'yan santimitoci kowace shekara.

Gyaran da aka yi ya ci kusan dala miliyan ɗari. Shirin farko shi ne a haƙa sababbin turaku 52 a gefen arewa da na yamma, inda ginin ya karkata, su kai har dutse, a haɗa su da tsohon faifan don su ɗauke wa yumɓun wani ɓangare na kayan. A watan Agustan 2021 aka dakatar da aikin, don haƙar da kanta ta dagula ƙasar, benen ya ƙara sauka da kusan santimita biyu da rabi cikin 'yan watanni. Aka sake zane, aka rage turakun zuwa 18, kowanne da kaya mai yawa. A 2023 aka kammala ɗora musu nauyin. Tsofaffin turaku 950 ɗin suna nan cikin yashinsu, suna ɗauke da mafi yawan benen kamar da, kuma masu awo na ci gaba da zuwa da na'urorinsu suna duba kusurwar arewa maso yamma.